Inuwar taskba ta fito a OLED ɗina, ya zan yi kafin ta zauna?

Abban Hanif: Slm jama'a, barkanmu da dare. Don Allah masu ilimin TV ku taimaka min. Ina da OLED inci 42 da nake amfani da ita a matsayin monita a shago, editin bidiyon biki nake yi, wata takwas kenan da sayenta. Yau na buɗe wani hoto mai ruwan toka sai na ga inuwar taskba a ƙasa da kuma wani layi a kwance daidai inda taimlayin, wurin jera bidiyo a manhajar editin, yake farawa. Ba ya fitowa in bidiyo na tafiya amma in kala ɗaya ce a fuskar ana ganinsa sarai. Wlh hankalina ya tashi don kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne

Sadi Mai Gyara: Wslm. Kafin komai amsa min abu uku. Awa nawa take a kunne a rana, hasken a nawa ka sa shi, kuma in ka tashi daga aiki ya kake kashe ta?

Abban Hanif: Kamar awa 10, daga 9 na safe zuwa 7, ban da Juma'a. Haske a 100 yake tunda na saye ta saboda ƙofar shagon a buɗe take rana na shigowa. Kashewa kuma, in na tashi ina kashe kwamfuta sai na danna makunnin ekstenshin gaba ɗaya saboda tsoron wuta mai ƙarfi da dare. In a janareta muke kuma yaro ne ke kashe jen kawai komai ya mutu

Sadi Mai Gyara: To ga inda matsalar take nan, wannan na ukun. Kar ka taɓa komai tukuna bari na idar da sallah na yi maka bayani

Bash Gadget: Oga kar ka damu, shiga YouTube ka rubuta burn in fix, akwai bidiyo mai walƙiya da kaloli na awa 8, ka bar shi ya kwana yana yi gobe za ka ga ta dawo sabuwa

Ummu Sultana: Nima wayata haka ta yi, alamun TikTok na gefe sun zauna a sikirin ko na fita ina ganinsu. Wannan bidiyon zai yi min?

Sadi Mai Gyara: Bash don Allah kar ka tura shi ga wannan. Bari na faɗi dalili.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa suna kira ƙonewa. Na farko inuwa ce ta wucin gadi. Bayan kowane fiksel akwai ɗan taransisto da ke auna masa wutar da zai sha, in ya daɗe yana ba da wuta iri ɗaya ga zafi, sai ma'auninsa ya ɗan goce, sai ka ga hoton da ya daɗe a wurin ya bar inuwa. Wannan yana gyaruwa. Na biyu shi ne ainihin tabo, sinadarin da ke ba da hasken ne da kansa ya gaji, don a OLED babu fitila a baya kamar LED ɗin da muka saba, kowane fiksel shi ke haska kansa kuma duk awa ɗaya da ya yi yana haske ƙarfinsa na raguwa kaɗan. In duk fuskar ta tsufa tare ba za ka lura ba. Amma in wuri ɗaya ya fi sauran aiki, kamar farin tambari ko taskba, shi zai riga su dusashewa, kuma wannan ba ya dawowa.

Bidiyon walƙiyar nan babu abin da yake mayarwa, ƙara wa duka fiksel ɗin awa 8 na aiki kawai yake. In ka ga ya yi wa wani aiki to inuwar wucin gadi ce wadda da ma za ta tafi da kanta

Bash Gadget: Amma ni na gwada a wata waya ya tafi fa

Sadi Mai Gyara: Na yarda ya tafi, amma da ka kashe ta ka ajiye ko ka ci gaba da amfani da ita kamar kullum ma da ya tafi. Hajiya Ummu Sultana, naki in ya kai makonni a wurin to tabo ne, sai dai canjin sikirin. Abin da za ki iya yanzu shi ne ki rage haske ki daina barin ta a 100 don kar ya ƙaru

Ummu Sultana: Ya fi wata uku kam. To Allah Ya sa mu dace, na gode

Sadi Mai Gyara: Yanzu kai Abban Hanif. Masu ƙera TV ɗin sun san da wannan gocewar, shi ya sa suka sa mata wani gyaran kai da take yi a ɓoye. Duk lokacin da ta tara awa 4 tana aiki, ko a jere ko a rarrabe, to da zarar ka kashe ta da rimot ba ta mutuwa gaba ɗaya, fuskar ta yi baƙi amma a ciki tana bin layin fiksel tana auna kowane taransisto tana daidaita shi. Abin bai wuce minti 5 zuwa 10 ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, wuta ta kasance a jikinta bayan ka danna rimot.

Kai kuma kullum daga soket kake yanke ta. Yi lissafi, awa 10 sau kwana 26 sau wata 8, awa 2080 kenan, kuma mai yiwuwa a duk tsawon nan sau ƙalilan ta samu ta yi wannan gyaran. Shi ya sa nake da kyakkyawan zato cewa mafi yawan abin da kake gani gocewa ce ta taru ba tabo ba

Abban Hanif: Innalillahi. Wato ni da nake ganin kare ta nake yi. Mai shagon da ya sayar min ko kalma ɗaya bai faɗa min kan wannan ba

Sadi Mai Gyara: Da yawa ba su sani ba su ma. Gobe in ka je ka kunna ta, ka yi aikinka, da za ka tashi ka kashe da rimot ka bar ta a soket minti 20 kafin ka danna ekstenshin. In da hali ma ta kwana a jone. Ka yi haka kwana uku sannan ka sake duba hoton ruwan tokar, hoto ɗaya dai, a ɗaki mai duhu, ka ɗauka da waya yau da kuma ranar don ido yana yaudara

Injiniya Kabiru: Malam Sadi ya yi bayani mai kyau amma me ya sa zai jira kwana uku? Ya shiga saitin ya danna Pixel Cleaning yanzu a wuce wurin. Ni duk sati nake yi wa tawa kuma shekara biyu ba ta da komai

Sadi Mai Gyara: Injiniya duk sati ya yi yawa. Wannan na cikin saitin shi ne babban, daban yake da ƙaramin na awa 4. Babban yana auna yadda sinadarin kansa ya tsufa ne ya sake raba wuta don fuskar ta daidaita, wurin da ya gaji a ƙara masa turi. Ba a yi shi don kullum ba, a tsofaffin LG sai bayan awa 2000 yake zuwa da kansa kuma yana cin kusan awa guda. Sony ma a nasu mai suna Panel Refresh sun ce kar a wuce sau ɗaya a shekara

Injiniya Kabiru: Na tsofaffi kenan. A sababbin ba ya kai awa guda, nawa kamar minti 10 yake yi ya gama, kuma ban ga inda aka nuna TV ta lalace saboda shi ba

Sadi Mai Gyara: Gaskiya ne sun rage tsawonsa a sababbi. Ni dai ra'ayina abin da injin ke yi da kansa a kan lokacinsa ba sai ka riƙa tilasta shi ba, taka ba ta da komai ne saboda fim kake kallo da ita ba don wannan ba. Shi Abban Hanif zan ce ya yi sau ɗaya, amma bayan kwana ukun, don mu san me ƙaramin ya gyara me ya rage. Kuma ranar da zai yi ya tabbata wutar ba za ta yanke a tsakiya ba

Injiniya Kabiru: To ni dai ba zan daina ba sai na ga hujja

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa gare ku. Tambayata ita ce mu da wuta ke yankewa ba sanarwa fa? Ba mu muka kashe ba, tana cikin aiki za a ɗauke. Kenan OLED ba tamu ba ce?

Sadi Mai Gyara: Sau ɗaya ko biyu ba komai, TV ɗin tana riƙe lissafin awanninta, in ba ta samu yi yau ba za ta yi a kashewa ta gaba da rimot. Abin da ke cutarwa shi ne ya zama kullum haka take mutuwa. Mafita mai sauƙi ka sa ta a ƙaramin UPS ita kaɗai, in an ɗauke wuta ka yi maza ka danna rimot, tunda fuskar a kashe take abin da za ta ja kaɗan ne batirin zai kai ta ta gama. Mai inbata ko sola kuwa ba shi da matsala. Masu jen kuma doka ɗaya, rimot tukuna, minti 15, sannan a kashe jen. A gaya wa yaron shago

Abban Hanif: Ta yaya zan san ta gama?

Ɗan Maraɗi: Tawa tana yin wani ɗan ƙas bayan wasu mintoci da kashewa, ashe shi ne?

Sadi Mai Gyara: Shi ne, rile ne, wani ɗan makunni a cikinta, ke sakin wuta. Amma ba duka ke yi a ji ba, a na LG in Quick Start+ na kunne wani lokaci ba za ka ji ba. Kar ka dogara da kunne, ka ba ta lokacin kawai

Hauwa Dizain: Ni monita ce da ni ba TV ba, QD-OLED, zanen kati da fosta nake yi. Tana yawan fito min da saƙo wai in bari ta yi Pixel Refresh ni kuma ina tsakiyar aiki sai na danna a'a. Abu ɗaya ne da wannan?

Sadi Mai Gyara: Abu ɗaya ne Malama Hauwa, ita ma yawanci bayan awa 4 ne. Ki haɗa shi da lokacin sallah, kin tashi azahar ki danna ta yi, kafin ki dawo ta gama. Wasu monitocin in kika yi ta ƙi har awannin suka taru da yawa da kansu za su tilasta

Hauwa Dizain: Wannan dabara ce mai kyau wlh, azahar da la'asar sun isa

Abban Hanif: To maganar haske fa Malam? Don gaskiya in na rage ba na ganin aikin sosai da rana

Sadi Mai Gyara: Nan ne ainihin rigakafin tabo na dindindin, wancan na rimot inuwa yake gyarawa amma ba ya hana sinadari tsufa. Abin da ke cin fiksel shi ne haske sau lokaci, ga zafi a kai. Kuma ba daidai wa daida yake tafiya ba, in ka rage haske rabi rayuwar fiksel ɗin ta fi ninki biyu, don tura shi da ƙarfi yana cinsa fiye da kima kuma yana ƙara masa zafi.

Akwai gwajin da masu shafin gwajin TV na RTINGS suka fara a 2018 da LG C7 na 2017 guda shida, awa 20 a rana, kowace da abin da take nunawa. Biyu CNN suke nunawa, ɗaya a haske na daidai ɗaya a ƙarshen haske. Ta ƙarshen hasken ita ta riga yin tabo kuma nata ya fi muni, tambarin tashar da jan layin labarai suka zauna, a hoton ja aka fi ganinsu. Wadda ke nuna shirye-shirye kala kala kuwa ta daɗe lafiya. Fanel ɗin yanzu sun fi na 2017 juriya nesa ba kusa ba amma ƙa'idar ba ta canza ba.

Kuma kai mai editin ne, bidiyo na yau da kullum wanda ba HDR ba ana daidaita kalarsa a kusan nit 100 ne, nit ma'aunin haske ne, a ɗaki mai ɗan duhu. A ƙarshen hasken da ka sa ta kana ganin hoton ya fi yadda yake haske, sai ka kai wa mai biki ya buɗe a wayarsa ya ga duhu. Ka sa labule a ƙofar ko ka juya teburin rana ta daina dukan fuskar, ka sauke hasken fanel zuwa 30 ko 40. A LG sunansa OLED Pixel Brightness, a tsofaffi OLED Light. Kar ka taɓa wanda aka rubuta Brightness kawai a tsofaffin, wannan na baƙi ne zai ɓata maka hoto

Abban Hanif: Kai, ashe shi ya sa wasu ke cewa aikina ya yi duhu a waya. Zan gwada 40 na gani

Bash Gadget: Ni abin da ke ban haushi da OLED shi ne yadda take dusashewa da kanta in hoto bai motsa ba. Akwai rimot na sabis da ake sayarwa, ka shiga ciki ka kashe TPC da GSR, saitunan da ke dusashe ta, ka huta

Hauwa Dizain: Wannan dusashewar tana damuna nima, kana duba kala sai ka ga ta canza

Sadi Mai Gyara: Na san tana da ban haushi, amma mutumin da inuwa ta riga ta fito masa shi za a ce ya cire kariyar da ta rage? Ita ce ke sauke haske in ka tashi ka bar taimlayin a buɗe. Kuma shiga wannan menu yana iya zubar da garanti, kuskure ɗaya a ciki kuma sai ka ɓata kalar gaba ɗaya. In ka sauke hasken da kanka zuwa 30 ko 40 ma ba za ka riƙa jin dusashewar sosai ba. Abban Hanif ka duba cikin OLED Care ko Panel Care, ya danganta da kamfani, ka tabbata Screen Move ko Pixel Shift a kunne yake, da Adjust Logo Brightness

Injiniya Kabiru: Shi wannan matsar da hoton ai yaudara ce, fiksel kaɗan yake matsawa, taskba kuwa kaurinta fiksel arba'in da wani abu

Sadi Mai Gyara: A nan kam kana da gaskiya rabi. Ba ya hana faffaɗan abu cin wurinsa, amma yana hana bakin layi ya fito da kaifi, kuma siririn rubutu da siririn layi irin na taimlayin yana taimaka musu sosai. Ido kaifin baki yake fara kamawa. Taskba kuwa maganinta ɓoyewa, a Windows ka shiga saitin taskba ka kunna Automatically hide the taskbar, bangon kwamfuta ka sa baƙi ƙirin ba hoto, ka kwashe aikon ɗin da ke kai. Sannan ka buɗe Command Prompt ka sa wannan don fuskar ta mutu bayan minti 5 in ba ka taɓa komai ba

```
powercfg /change monitor-timeout-ac 5
```

Sai dai da yake TV ce ba monita ba, in siginar ta yanke za ta iya tsayawa tana nuna saƙon babu sigina na wani lokaci, to in haka take yi maka ka mayar da 5 ɗin nan 0 ka sa screen saver na Blank a minti 3, baƙi a OLED fiksel a kashe yake. Musamman lokacin da kake fitar da bidiyo na awa guda kana waje kana hira

Abban Hanif: Taimlayin ɗin fa? Shi ba ya ɓoyuwa ai, shi ne aikin

Hauwa Dizain: Ni abin da nake yi, ina da tsohuwar monita LED a gefe, duk akwatunan kayan aiki da WhatsApp suna can, OLED ɗin zanen kawai take nunawa

Sadi Mai Gyara: Wannan ya fi duk abin da na faɗa. In kana da tsohuwar monita ka mayar da taimlayin can, OLED ta zama ta kallon bidiyon a cike. In babu, ka ajiye tsarin aiki biyu ko uku a manhajar, a ɗaya taimlayin ya ɗan hau sama a ɗaya ya sauka, kana canzawa duk mako don layin kar ya zauna wuri ɗaya

Alhaji Mai Gidan Kallo: Salamu alaikum, na karanta duka. Ni ina shirin sayen 65 don gidan ƙwallo, ashe in ina kashewa da rimot shikenan ba matsala?

Sadi Mai Gyara: Wslm ranka ya daɗe. A'a, kai kam kar ka saya. Akwatin sakamako da tambarin tasha suna wuri ɗaya daga wasan rana har na dare, kuma dole ka ƙure haske don na baya su gani, ga rumfar kwano a watan Afrilu, alhali a littafin TV ɗin ma iyakar zafin da aka yarda ta yi aiki a ciki digiri 40 ne. Duk abubuwan da ke kawo tabo sun haɗu a wurinka. Ka nemi LED mai kyau ko Mini LED, ta fi haske kuma ta fi arha

Alhaji Mai Gidan Kallo: Wani ya ce min QLED, ita ma OLED ce?

Bash Gadget: A'a Alhaji QLED fitila ce a bayanta, LED ce aka ƙara mata kala, ita za ta yi maka

Abban Hanif: Jama'a na dawo da rahoto. Kwana uku ina kashewa da rimot tana kwana a inbatar maƙwabcina. Inuwar taskba ta tafi gaba ɗaya alhamdulillah, ko a ruwan toka babu. Layin taimlayin ya ragu sosai amma in na sa hoton ja a duhu ina hango shi kaɗan. Sannan a ruwan toka mai duhu sosai na ga wasu layuka a tsaye daga sama har ƙasa waɗanda ban lura da su da ba, su kuma fa?

Sadi Mai Gyara: Masha Allah. Layukan tsaye a toka mai duhu kusan kowace OLED tana da su tun daga kwali, ba tabo ba ne, gane tabo shi ne yana da siffar wani abu da ka sani a sikirin ɗinka. Yanzu ka yi babban sau ɗaya da dare a kan inbata, kar ka taɓa rimot har ta gama, gobe ka sake ɗaukar hoton jan

Injiniya Kabiru: Da ya yi shi tun ranar farko da yanzu an gama

Sadi Mai Gyara: Wataƙila, amma da ba mu san cewa soket ne ya jawo na taskbar ba

Abban Hanif: Na yi jiya. Layin ya ƙara dusashewa amma bai tafi duka ba, a ja kawai nake ganinsa kuma sai na matso kusa. In sake yi?

Sadi Mai Gyara: A'a bar shi haka. Wanda ya rage ina zaton sinadarin ne ya ɗan ci, awa dubu biyu a haske 100 ba wasa ba. Ka riƙe hoton, bayan wata ɗaya a haske 40 ka sake ɗauka ka turo mu kwatanta

Injiniya Kabiru: Ni ina ganin in ya sake yi bayan sati biyu zai tafi

Hauwa Dizain: Abban Hanif takardar sayenka tana nan? Wasu kamfanonin monita kamar Dell da MSI suna ba da garantin shekara 3 har da tabo, ban san na TV ba

Abban Hanif: Rasit ɗin shago kawai gare ni, ba katin garanti a kwalin. Zan je na tambaye shi gobe in Allah Ya kai mu. Malam Sadi UPS mai VA nawa zan nema?